Sashen hanyoyin bincike: yadda ake karanta shi, da misalin gubar dalma a Zamfara

Ɗalibin jami'a da ke aji uku a Gusau, ko Kalgo, ko Aliero, ranar da malami ya fara miƙa masa muƙalar da aka buga a mujallar bincike, abin da yakan yi sananne ne. Zai karanta taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko, ya tsallaka zuwa ƙarshe ya kwashi abin da marubutan suka ce sun gano, ya rufe. Sashen da ke tsakiya, wanda a saman sa aka rubuta Methods ko Materials and Methods, ba ya ko kallon sa, saboda ya cika da sunayen na'urori da lissafi, kuma ba ya ba da labari. Alhali wannan sashen ne yake faɗa maka iyakar abin da sauran muƙalar take da ikon cewa. Sakamakon bincike da'awa ce, sashen hanyoyi kuwa shi ne shaidun da aka kawo. Alƙalin da ya saurari da'awa ya ƙi sauraron shaidu bai yi shari'a ba.

Yawancin muƙalun kimiyya tsari ɗaya suke bi: gabatarwa, hanyoyi, sakamako, tattaunawa. Gabatarwa tana faɗin dalilin yin aikin. Sakamako yana kawo alƙaluma. Tattaunawa ita ce inda marubuta suke fassara alƙaluman, kuma nan ne ra'ayi yake samun ƙofa. Sashen hanyoyi ba shi da ra'ayi. Rahoto ne na abin da aka aikata da hannu: ina aka je, yaushe, wa aka tambaya, me aka auna, da me aka auna shi, yaya aka yi lissafin. Ƙa'idarsa ita ce a rubuta shi dalla-dalla yadda wani mai bincike da bai taɓa ganin marubutan ba zai iya maimaita aikin. Wasu mujallun sukan kai shi can ƙarshen muƙala, ko su tura wani ɓangarensa cikin ƙarin takardu da ake saukewa daban. Idan ba ka gan shi a tsakiya ba, duba can.

Bayani a iska ba ya zama a kai, don haka bari mu ɗauki bincike guda na gida mu bi shi.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa suka lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum. Daga baya ta tabbata gubar dalma ce, ko darma kamar yadda ake faɗi a nan. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gari ana farfasawa, ana niƙawa, ana wankewa, ana shanyawa, ƙurar tana bin tsakar gida inda yara suke rarrafe. Wata tawaga da ta haɗa da masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka da ma'aikatan lafiya na Najeriya ta yi bincike a ƙauyuka biyu, aka buga sakamakon a 2012 a mujallar Environmental Health Perspectives. Alƙaluman da suka fi yawo daga wannan muƙala su ne waɗannan: an shiga gidaje 119. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 25 cikin ɗari. An gwada jinin yara 204, kuma 198 daga cikinsu, kashi 97 cikin ɗari, dalmar da ke jininsu ta kai ko ta haura 45 µg/dL, matakin da ake fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jiki.

Wanda ya tsaya nan zai tafi yana cewa kashi 97 na yaran Zamfara suna da gubar dalma. Ya yi kuskure babba, kuma sashen hanyoyi ne zai nuna masa inda ya kauce.

Abu na farko da ake nema shi ne fasalin binciken, kuma yawanci yana cikin jimla ta farko ko ta biyu. A wannan muƙala za ka ga kalmar cross-sectional. Ma'anarta an je lokaci guda, an tambaya, an auna, an dawo. Kamar hoto ne da aka ɗauka rana ɗaya. Akwai fasalin da ake zaɓar mutane a bi su watanni ko shekaru a ga wa zai kamu, akwai wanda ake ɗauko marasa lafiya da masu lafiya a waiwayi bayansu a kwatanta, akwai kuma gwaji inda mai bincike da kansa yake raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a ya ba wasu magani ya hana wasu. Kowanne da abin da yake iya tabbatarwa. Hoto na rana ɗaya yana da ƙarfi wajen faɗin yawan matsala a wuri, amma yana da rauni wajen faɗin me ya riga me. Ka lura da wannan a misalinmu: yaran sun rasu a cikin watanni goma sha biyun da suka wuce, ƙasar tsakar gidan kuwa an auna ta ne lokacin da tawagar ta iso. Idan gidan da suka yi rashi sun tsorata sun daina niƙa dutse, sun share tsakar gida, abin da aka auna ba shi ne daidai abin da marigayin ya rayu a cikinsa ba. Wannan ba laifin masu binciken ba ne. A lokacin da yara suke mutuwa ba wanda zai zauna ya bi su shekara biyu yana rubutu. Amma mai karatu ya san cewa fasalin ya zo da iyakarsa.

Abu na biyu shi ne wanda na fi so ɗalibi ya daɗe a kansa, domin nan ne mafi yawan bincike yake tsayawa ko ya faɗi: su wane ne aka bincika, kuma ta yaya suka shigo?

Ƙauyuka biyun nan ba ƙuri'a aka jefa aka zaɓo su daga cikin ƙauyukan jihar ba. An je su ne saboda an riga an san abin ya shafe su. Wannan shi ne daidai ga manufar aikin, wato gano me ke kashe yara a inda suke mutuwa. Amma yana nufin alƙaluman na ƙauyukan nan biyu ne, ba na Zamfara ba, ba ma na dukan ƙauyukan da ake haƙar zinare ba. Wanda ya auna zafin jikin mutanen da ke kwance a asibitin Gusau ba zai fito ya ce haka jikin mutanen gari yake ba.

A cikin ƙauyukan kuwa gida-gida aka bi da takardar tambayoyi, aka ɗebi jinin yara 'yan wata 2 zuwa wata 59, aka ɗebi ƙasar gidajen. Yanzu ɗauki biro ka yi lissafin da sashen hanyoyi yake gayyatar ka ka yi. Yara 463 ne, 118 sun rasu, saura 345 da rai. An gwada 204. Ka raba 204 da 345, za ka sami kashi 59 cikin ɗari. Ke nan yara 141 masu rai ba su shiga gwajin ba. Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: waɗanda aka gwada sun yi kama da waɗanda ba a gwada ba? Idan iyaye sun fi kawo yaron da yake amai ko jijjiga, suka bar mai lafiya yana wasa, to kashi 97 ya zarce gaskiyar ƙauyen. Idan kuwa waɗanda ba a samu ba su ne waɗanda ciwo ya yi wa tsanani har aka fita da su neman magani, to gaskiyar ta fi haka muni.

Akwai dabara mai sauƙi ta gane ko wannan giɓi ya isa ya rushe maganar. Ka ƙaddara mafi nisan abin da zai yiwu ta kowane ɓangare. A ce duk yara 141 ɗin nan jininsu bai kai 45 ba: 198 cikin 345 ke nan, kashi 57 cikin ɗari. A ce kuma dukansu sun kai: 339 cikin 345, kashi 98. Gaskiya tana tsakanin 57 da 98. Ko an ɗauki ƙaramin adadin, fiye da rabin yaran ƙauyukan suna buƙatar magani na gaggawa. Ka ga ke nan giɓin yana iya motsa lambar, amma bai isa ya canza hukuncin ba. Wannan shi ne karatun da ake so. Ba neman aibi don a yar da muƙala ba, a'a, auna girman aibin a ga ko ya kai ya karya abin da aka gina a kansa. A wani binciken da aka sami kashi 52 aka ce mafi rinjaye, giɓi irin wannan kaɗai ya isa ya sa ka ajiye takardar.

Sai kuma abin da ya fi nauyi a zuciya: yara 118 ɗin da suka rasu ba a ɗebi jininsu ba, domin an binne su kafin a zo. Duk wani awon jini a muƙalar na waɗanda suka tsira ne. Idan waɗanda gubar ta fi yawa a jikinsu su ne suka fara tafiya, to abin da aka auna ragowa ce bayan mafi munin ya wuce. Irin wannan karkata tana ɓoye a bincike da yawa. Wanda ya tambayi manoman shinkafa na fadamar Argungu yadda suka ji da ambaliya, ya tambayi waɗanda ya tarar a gona kawai, bai ji daga bakin waɗanda ambaliyar ta kora daga noma gaba ɗaya ba.

Tunda mun taɓo manoma, bari in ratse kaɗan zuwa wata lamba da za ka yi ta cin karo da ita a muƙalun ƙasar nan, wato 384. Tana fitowa ne daga wannan lissafi:

```
n = Z² × p × (1 − p) / d²
n = 1.96² × 0.5 × 0.5 / 0.05² ≈ 384
```

Harafin n shi ne yawan mutanen da za a tambaya. Harafin p hasashen yawan abin da ake nema ne, ana sa 0.5 idan ba a da masaniya domin shi ne yake ba da adadi mafi girma. Harafin d shi ne kuskuren da aka yarda da shi, kashi biyar sama ko ƙasa, Z kuma, wato 1.96, yana tafiya da tabbaci na kashi 95. Lissafin daidai ne, amma yana da sharaɗi da ake yawan mantawa: sai an zaɓo mutanen ta ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye, yadda kowa yake da dama iri ɗaya. Idan muƙala ta ce ta zaɓi manoma 384 ta ƙuri'a, nemi inda ta faɗi jerin da aka zaɓo su daga ciki. Rajistar ƙungiyar manoma ce? Jerin gidaje ne daga mai unguwa? Idan babu jeri, to mai yiwuwa tsayawa aka yi a bakin kasuwa ana tare duk wanda ya yarda ya tsaya, kuma waɗannan su ne masu abin sayarwa, masu lafiyar zuwa kasuwa, galibi maza. Yawa ba ya gyara wannan. Mutum dubu da aka tara a bakin kasuwa suna nan a mutanen kasuwa.

Mu koma Anka da Bukkuyum. Abu na uku shi ne awo, kuma a nan ne sunayen na'urori suke tsorata sabon mai karatu. Ba a buƙatar ka san yadda na'ura take aiki a ciki. Abu biyu za ka nema: me take aunawa, kuma ina iyakarta.

Fara da ma'aunin kansa. Alamar µg/dL tana nufin maikurogiram na dalma a cikin kowace desilita ta jini. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuwa mililita 100 ce. Ƙanƙantar wannan adadi tana da sakamako a aikace. Tunda abin da ake nema bai kai ƙwayar ƙura ba, ƙurar da ke kan fatar yaro ta isa ta ɓata awon. Idan aka huda yatsa aka ɗauki ɗigon jini ba a wanke hannun sosai ba, a ƙauyen da ƙurar dalma take ko'ina, na'urar za ta haɗa ta jini da ta fata ta ba da lamba mai yawa. Shi ya sa a duk muƙalar da ta shafi dalma za ka duba ko daga yatsa aka ɗauki jinin ko daga jijiya, da yadda aka tsabtace wurin. Jinin jijiya shi ne abin dogaro wajen tabbatarwa. Jimla guda ce a sashen hanyoyi, mai sauƙin tsallakewa, amma lambobin muƙalar duka a kanta suke zaune.

Na'urar tafi-da-gidanka da aka yi aiki da ita a filin ita ce LeadCare II. Amfaninta a bayyane yake: ana ɗaukar ta a hannu, tana ba da amsa cikin 'yan mintoci, ba sai an jira ɗakin gwaje-gwaje na birni ba. Amma tana karantawa ne daga 3.3 zuwa 65 µg/dL. Abin da ya wuce 65 ba ta ba da lamba, sai dai ta nuna ya yi sama. An ƙera ta ne don wuraren da 20 ma abin tashin hankali ne, sai ga ta a ƙauyen da yara da yawa suka wuce ƙarshen ma'auninta. Ka kwatanta da sikelin da ya tsaya a kilo 65: buhun kilo 70 da na kilo 100 duk abu ɗaya zai nuna maka. Me wannan yake nufi ga mai karatu? Maganar cewa yara 198 sun kai 45 tana nan daram, domin 45 yana cikin abin da na'urar take gani. Amma ba za a iya fitar da matsakaicin dalmar jinin yaran daga wannan na'ura kaɗai ba, kuma ba za a iya bambance yaron da yake da 70 da wanda yake da 300 ba, alhali a wajen likita tazararsu mai nisa ce. Don samun ainihin lambar sai an tsarma jinin da wanda aka san awonsa a sake gwadawa, ko a aika shi babban ɗakin gwaje-gwaje. Duk lokacin da ka ga muƙala ta ba da matsakaici, koma ka duba iyakar na'urarta, ka ga yadda aka yi da waɗanda suka wuce iyakar. Idan an rubuta musu 65 kawai aka haɗa, matsakaicin ya yi ƙasa da gaskiya.

Ƙasar gidaje kuma akan auna ta da na'urar XRF, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi ƙarafan da ke ciki. A nan tambayar ba ta na'ura ba ce sosai, ta wuri ce. Gida ɗaya yana da inda ake daka dutse, da inda ake girki, da zaure, da inda yara suke kwana, kuma awonsu ba zai zo ɗaya ba. Ƙurar sama da aka sharo daban take da ƙasar da aka tono. Idan muƙala ta ba kowane gida lamba guda, sashen hanyoyi ne zai gaya maka ko matsakaicin wurare da yawa ce ko mafi girman da aka samu.

Takardar tambayoyi ma na'ura ce, kuma ta fi sauran saurin karkacewa. Adadin 118 bai fito daga rajistar mutuwa ba, daga bakin mutanen gida ya fito. Uwa ba ta manta rasuwar ɗanta, wannan ba abin shakka ba ne. Abin da yake da wuya shi ne iyakar lokacin: wata goma sha biyu daidai, ko goma sha huɗu? Mai tambaya da ya san aiki yakan ɗaure lokacin da abin da kowa ya sani, kamar kafin azumin bara ko bayan girbin gero. Sannan akwai batun harshe. Tambayoyin da aka tsara da Turanci aka yi su da Hausa, wa ya fassara, kuma an gwada su kafin a fita? Kalmar ciwo kaɗai tana iya ɗaukar abu goma. Akwai kuma wa aka tambaya. A gidan da mata suke cikin kulle, idan mai gida ne ya amsa a zaure, abin da zai faɗa game da aikin da ake yi a tsakar gida ba lallai ya yi daidai da abin da matan za su faɗa ba.

Wannan ya kawo mu ga ma'anar kalmomi. Muƙalar ta yi magana a kan mutuwar da ake zargin dalma ce ta jawo ta, kuma kalmar zargi ba ado ba ce. Tunda ba a gwada jinin mamatan ba, dole a dogara da alamomin da iyaye suka bayyana. Gubar dalma mai tsanani tana kawo amai da jijjiga da fita hayyaci, amma zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai yana kawo su, sanƙarau ma haka, kuma dukansu sanannu ne a wannan yanki. Saboda haka a kowace muƙala ka nemi jimlar da ta fayyace wa aka ƙirga a matsayin mai cutar, wa aka bari. Bincike biyu a ƙauye ɗaya suna iya ba da lambobi mabambanta ba don ɗaya ya yi ƙarya ba, sai don ma'anar da kowanne ya ɗauka.

Sakin layi na kusa da ƙarshe yawanci na lissafin ƙididdiga ne, kuma shi ne ya fi korar ɗalibai. A muƙalarmu za ka ga an ambaci multivariate logistic regression. Ga abin da yake nufi a aikace. Ana son a san me ya bambanta yaran da suka rasu da waɗanda suka rayu. A ce an ga mutuwa ta fi yawa a 'ya'yan matan da suke aikin sarrafa dutse. Amma gidan da uwa take wannan aiki shi ne kuma gidan da ƙasarsa ta fi dalma, kuma ƙaramin yaro shi ne yake goye a bayanta lokacin da take aikin. To wanne ne cikin ukun: aikin uwa, ƙasar gida, ko ƙanƙantar yaro? Wannan lissafi yana ƙoƙarin auna kowanne alhali an riƙe sauran a tsaye, kamar a kwatanta yara masu shekaru ɗaya, a gidaje masu ƙasa iri ɗaya, waɗanda aikin uwa kaɗai ya raba su. Abin da za ka duba shi ne jerin abubuwan da aka sa a lissafin, domin abin da ba a auna ba ba a riƙe shi ba. Idan ba a tambayi yanayin abincin yaro ba, lissafin bai san da shi ba, ga shi kuwa yaron da yake da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki hanjinsa ya fi zuƙar dalma.

Amsar wannan lissafi tana fitowa da lamba mai alamar OR, wato odds ratio, wadda take kwatanta rukuni biyu. Bari in ƙirƙiri alƙaluma don koyarwa kawai, ba na muƙalar ba ne. A ce cikin yara 100 da uwayensu suke aikin dutse 40 sun rasu 60 sun rayu, cikin wasu 100 da uwayensu ba sa yi 20 sun rasu 80 sun rayu. A rukunin farko ka raba 40 da 60, ka sami 0.67. A na biyu ka raba 20 da 80, ka sami 0.25. Ka raba 0.67 da 0.25, OR ya zama kusan 2.7. Lura cewa haɗarin kansa ninki biyu ne, 40 a kan 20, ba 2.7 ba. Idan abin da ake ƙirgawa yana faruwa da yawa, OR yakan fi ninkin haɗari girma, don haka kada ka rubuta cewa haɗari ya ninka sau 2.7. Kusa da lambar za ka ga wasu biyu da alamar 95% CI, su ne iyakar ƙasa da ta sama da ake kyautata zaton ainihin lambar tana tsakaninsu. Idan 1 ya faɗo a tsakaninsu, kamar 0.8 zuwa 4.1, alƙaluman ba su isa su kore yiwuwar cewa babu bambanci ba.

Abubuwan da muƙalar ta samu suna da alaƙa da mutuwa huɗu ne: shekarun yaro, aikin uwa a sarrafa dutse, yawan dalma a ƙasar gida, da dogaro da rijiyar gari a matsayin babbar hanyar samun ruwa. Uku na farko hankali yana kama su nan take. Na huɗun shi ne gwajin mai karatu. Gaggawa za ta sa ka ce ruwan rijiyar ne yake kisa. Yana iya zama haka, idan ƙura tana faɗawa ciki ko ana wankin dutse a kusa. Amma yana iya zama cewa gidajen da suke ɗiba a rijiyar gari sun bambanta da masu rijiyar kansu ta wata fuska, ta wadata ko ta wurin zama, ko kuma yara suna bin uwayensu zuwa bakin rijiyar inda ƙasar ta gurɓata. Hoto na rana ɗaya da takardar tambayoyi sun nuna alaƙa, sun kuma nuna inda ya kamata a je a auna. Ba su rufe maganar ba.

Sakin layin izini gajere ne, kada ka tsallake shi. Nan ake faɗin kwamitin da ya amince da aikin, da yadda aka nemi yardar iyaye, ta baki ko a rubuce, da abin da aka yi wa waɗanda aka samu da cuta. Binciken da ya ɗebi jinin yara bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, akwai tambaya a kansa.

Yanzu a ce kana rubuta babi na biyu na kundin digirinka, kana son kawo wannan aiki. Jimlar da ta ce bincike ya nuna kashi 97 na yaran Zamfara suna da gubar dalma ba ta da tushe a muƙalar. Wadda sashen hanyoyi ya ba ka izinin rubutawa ita ce: a wani bincike na gida-gida da aka yi a 2010 a ƙauyuka biyu na Zamfara da gubar ta shafa, an gwada jinin yara 204 daga cikin 345 'yan ƙasa da shekara biyar da suke raye, aka sami 198 da dalmar jininsu ta kai ko ta haura 45 µg/dL. Ta fi tsawo, kuma kowane yanki nata, shekarar, ƙauyuka biyun, 204 cikin 345, kalmar raye, daga wani layi na sashen hanyoyi aka ɗauko shi. Idan ka zo babi na uku, waɗannan layukan ne malamin da ke duba aikinka zai nema a naka: jerin da ka zaɓo mutane daga ciki, nawa ka nema nawa suka amsa, sunan abin awonka da iyakarsa, da harshen da ka yi tambayoyin da shi.